Sanya zinare a wuya ba ya mai da shi tsoho a wurin kwastan

Assalamu alaikum Malam. Na yi tafiya ƙasar waje, na sayi sarƙar zinare da 'yan kunne. Tsofaffin awarwarona biyu na ba mai kantin, na yi ciko da kuɗi. Akwai kuma zobba da wata sarƙa da na fito da su daga gida. Ƙawata ta ce ranar komawa in sa su duka a jikina, in yage rasit, in wuce abina, wai kwastan ba ruwansu da abin da mace ta yi ado da shi. Haka ne? In ba haka ba ne, me zan yi?

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kafin komai, kada ki yage rasit ɗin nan. In har kin riga kin jefa shi a kwandon shara, ki koma ki tono shi, ko ki je kantin su sake buga miki wani tun kina kusa da su. Ranar da kika sauka, babu takardar da za ta yi miki amfani kamarsa.

Ƙawarki ta kama bakin zaren gaskiya, amma ta ja shi zuwa inda bai kai ba. Gaskiya ne kusan ko'ina a duniya matafiyi yana da damar komawa gida da kayan jikinsa ba tare da ya biya ko sisi ba. Yarjejeniyar Kyoto da aka sabunta a 1999, wadda yawancin hukumomin kwastan suke ɗora dokokinsu a kanta, ta tanadi haka: mazaunin ƙasa da ya dawo, abin da ya fita da shi nasa ne, ya shigo da shi kyauta. To amma ki lura da sharaɗin. Abin da ya fita da shi aka ce. Ma'aikacin kwastan ba ya tambayar ko sarƙar tana wuyanki ko tana cikin akwati. Tambayarsa ita ce, a ina kika same ta, kuma nawa ce darajarta? Sarƙar da kika saya shekaranjiya sabon kaya ce da ke shiga ƙasar a karon farko, ko da kin kwana da ita a wuya, kin yi wanka da ita. Zobbanki na gida kuwa tsofaffin kaya ne masu komowa, ko da a cikin jaka suke. Saboda haka tun yanzu ki raba zinarenki gida biyu a ranki, domin kowane da hukuncinsa.

Mu fara da sabon. Kowace ƙasa tana da wani adadi da take yafe wa matafiyi na tsarabar da ya sayo, kuma adadin ba shi da yawa idan aka gwada shi da tsadar zinare. A ƙasashen Tarayyar Turai Yuro 430 ne ga wanda ya zo ta jirgin sama ko na ruwa, Yuro 300 ga wanda ya shigo ta ƙasa. A Birtaniya Fam 390 ne. A Amurka Dala 800 ce ga mazaunin ƙasar da ya dawo. Indiya kuma, da yake zinaren ya zame mata abin lura na musamman, dokarta ta kayan matafiya ta 2016 har da nauyi ta ƙayyade: giram 20 ga namiji, giram 40 ga mace, shi ma sai ga wanda ya zauna a waje fiye da shekara guda. Na ƙasarki yana rubuce a shafin hukumar kwastan ɗinta, ki duba shi kafin ki hau jirgi, domin ana sauya waɗannan alƙaluma lokaci-lokaci. Amma ko ba ki duba ba, sarƙa mai ɗan kauri guda ɗaya ta wuce irin wannan adadi nesa ba kusa ba.

Inda mutane suke shan mamaki shi ne yadda ake amfani da yafiyar. Da yawa suna zaton za a cire adadin da aka yafe daga kuɗin sarƙar, a sa haraji a kan ragowar. Amurka haka take yi. Tarayyar Turai kuwa ba ta tsaga abu guda: in sarƙa ɗaya ta haura Yuro 430, a kan dukkan kuɗinta za a biya, ba a rage komai. Birtaniya ma in kayan sun haura adadin, a kan jimillarsu ake biya. Haka nan a Turai miji da mata ba za su haɗa nasu rabon su rufe sarƙa guda da shi ba, alhali a Amurka 'yan gida ɗaya da suka dawo tare suna iya haɗawa. Shi ya sa nake ce wa mutane su daina ɗaukar fatawar kwastan daga bakin wanda ya sauka a wata ƙasa daban. Ƙila abin da ya faɗa gaskiya ne, amma gaskiyar can ce.

Bari mu yi lissafin ƙarara, ki ga yadda yake tafiya. Zan ɗauki Jamus a matsayin misali, don kawai alƙalumanta a fili suke. Ki cire nata ki sa na ƙasarki, tsarin lissafin ɗaya ne. Mu ƙaddara sarƙarki giram 40 ce, karat 22, an rubuta Yuro 3,000 a rasit, 'yan kunnen kuma Yuro 400. 'Yan kunnen sun shige cikin yafiyar 430, sun tsira, muddin ba a ɗauke su da sarƙar a matsayin saiti guda ba. Sarƙar kuwa haraji biyu ne a kanta. Na farko kuɗin fito, wanda a Tarayyar Turai kashi 2.5 cikin ɗari ne a kan kayan ado na zinare, wato Yuro 75. Na biyu harajin VAT na shigo da kaya, kashi 19 cikin ɗari a Jamus, kuma ba a kan 3,000 ake lissafa shi ba, a kan 3,075 ne, domin sai an ɗora kuɗin fiton tukuna. Wannan ya ba da Yuro 584.25. Jimilla Yuro 659.25. Kin ga kuɗin fiton da kowa yake tsoro shi ne ƙaramin, VAT ɗin da ba wanda ya tuna da shi shi ne ke cizo. A wasu ƙasashen akasin haka ne, fiton ne mai nauyi, wasu kuma sukan ƙara 'yan kuɗaɗen hidima a kai. Don haka idan za ki tambaya, kada ki ce "nawa ne kuɗin fito?" Ki ce "nawa ne duk abin da ake biya a kan kaya masu lamba 7113?" Wannan ita ce lambar da kwastan na duniya suka san kayan ado na zinare da azurfa da ita, kuma da ita za ki samo ainihin kason a jadawalin ƙasarki.

Kada kuma ki ce ai kin biya haraji a kantin da kika saya. Wancan na ƙasar da kika saya ne, bai shafi aljihun taki gwamnatin ba. Abin da za ki iya yi shi ne ki karɓo wancan ɗin kafin ki taso, in ƙasar tana mayar wa baƙi. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, alal misali, VAT kashi 5 cikin ɗari ne, kuma baƙo yana iya karɓar mafi yawansa a filin jirgi idan kantin yana cikin tsarin. Sai dai ki sani takardar mayar da kuɗin nan shaida ce a rubuce cewa kayan sababbi ne kuma an fito da su a rana kaza. Mai shirin cewa "tun aurena nake da ita" da wannan takarda a jakarta ta riga ta ba da shaida a kan kanta.

Yanzu ga batun musayar da kika yi, wanda shi ne ya fi ɗaure wa mutane kai. Mu ce mai kantin ya kimanta tsofaffin awarwaronki a kan Yuro 1,200, kika cika 1,800. A zuciyarki, 1,800 kika kashe. A wurin kwastan, sarƙar 3,000 kika shigo da ita. Awarwaron nan sayar da su kika yi, aka biya ki da wani ɓangare na sarƙar, sun zama na mai kanti, ba za su dawo ba. Abin da ya dawo wani abu ne daban da bai taɓa shiga ƙasar ba. Na san abin da ciwo, domin mace takan ce, to ai zinarena ne na gida ya sauya kama. Ko da a gabanki maƙerin ya narkar da su ya ƙera sarƙar, yafiyar kayan da suka komo tana aiki ne ga abin da ya dawo yadda ya fita. Akwai ƙasashen da ke da tsarin fitar da kaya don gyara ko sarrafawa, a biya haraji a kan ƙarin darajar kawai, amma wannan tun kafin fita ake shirya shi da takardu, ba a tsayuwar layi bayan an dawo ba. Abin da ya rage miki shi ne ki tabbata rasit ɗin ya nuna cikakken kuɗin sarƙar, da abin da aka cire na musaya, kowane a layinsa. In ya nuna 1,800 kaɗai a gaban sarƙa mai giram 40, zai yi kama da rasit na bogi, alhali ke ba ki yi niyyar komai ba.

Dalilin da ya sa zai yi kama da na bogi shi ne, zinare yana cikin kayan da ba a iya ɓoye darajarsu. Riga ko jaka, ana iya jayayya a kan kuɗinsu har rana ta faɗi. Zinare kuwa sikeli ne da lissafi. Ma'aikacin zai juya maƙullin sarƙar ya karanta hatimin da aka buga: 916 yana nufin karat 22, 875 karat 21, 750 karat 18, 585 karat 14. Lambar tana faɗin kashi nawa cikin dubu ne tsantsar zinare. Sai ya ɗora a sikeli. Giram 40 sau 0.916 ya ba da giram 36.64 na tsantsa. Farashin zinare na ranar kuma ba sirri ba ne, sau biyu ake fitar da shi kowace ranar aiki a Landan, a kan oza ɗaya mai giram 31.1, kowa yana gani a wayarsa. Mu ƙaddara a ranar giram ɗaya Yuro 75 ne. Kenan ƙarfen kawai, ba tare da kuɗin ƙira ba, ya kai Yuro 2,748. Ragowar 252 ɗin su ne ladan maƙeri da ribar kanti. Idan aka miƙa masa rasit mai cewa 1,500, cikin minti biyu ya san babu ɗan kasuwar da zai sayar da zinare a ƙasa da kuɗin narkakkensa. Masu kanti sukan yi tayin "in rage miki a takarda?" kamar alheri suke yi. Ki ce a'a. Daga lokacin da aka miƙa takardar ƙarya, magana ta tashi daga biyan haraji ta koma laifi.

In babu rasit sam, lissafin nan dai za a yi, amma ba ke ce da alƙalami ba. Ƙa'idar kimanta kaya ta duniya ta fifita kuɗin da aka biya a zahiri idan akwai shaida. In babu, sai a koma ga darajar makamantan kayan, kuma mai kimantawa ba zai karkata wajenki ba. Idan akwai duwatsu a jikin sarƙar abin ya ƙara dagulewa, domin ana iya riƙe ta sai gwani ya zo ya duba. Rasit mai kyau shi ne wanda ya nuna sunan kanti, kwanan wata, nauyin kowane abu, karat ɗinsa, nauyin duwatsu daban in akwai, farashin giram, da kuɗin ƙira.

Game da dabarar sa su a jiki, bari in ba ki abin da na gani da idona lokacin da nake aikin fiton kaya a wani filin jirgi. Wata baiwar Allah ta taho, hannunta na dama awarwaro shida, tana tafe tana jan akwati, ta nufi koriyar ƙofa, wadda marasa abin bayyana wa kwastan suke bi. Aka ɗan tsayar da ita. Ta ce duk na gadon mahaifiyarta ne. Ma'aikaciyar ba ta yi musu ba, ta roƙe ta ta cire ɗaya. Cikin awarwaron sumul yake kamar madubi, babu ƙwarzane ko ɗaya, babu ɗan dauɗar sabulu da mai da ke taruwa a cikin zanen zinaren da aka jima ana sawa. A jikin na uku kuma ga ɗan jan zaren da ake ɗaura takardar farashi, an yanke takardar an manta da zaren. Da aka buɗe akwati, sai ga akwatunan karan-miski guda shida, wayam, an cusa su cikin takalma. Ba ta iya jefar da su ba, sun yi mata kyau. Da ta bi jar ƙofa, ta masu abin bayyanawa, da haraji kawai za ta biya ta tafi. A ranar sai da ta bar awarwaron a hannunsu, ta koma gida da takarda.

Wannan ƙofa ita ce zuciyar maganar. A filayen jirgin da ke da ƙofa biyu, bin koriya ba wucewa kawai ba ne, furuci ne a idon doka cewa ba ki da abin bayyanawa. Da zarar kin taka ta, kin riga kin yi magana, ko da ba ki buɗe baki ba. In aka tsayar da ke a ciki kika ce "ai dama zan faɗa", an makara. Abin da ke biyo baya ya danganta da ƙasa da yawan kayan: haraji da tara a kai, ko ƙwace kayan, ko shari'a. Kuma "kyauta aka ba ni" ba ta fitar da mutum. A 2013 an tsayar da Karl-Heinz Rummenigge, shugaban gudanarwar kulob ɗin Bayern Munich a lokacin, a filin jirgin Munich da agoguna biyu masu tsada da ya taho da su daga Katar bai bayyana ba. Ya ce kyauta ce. Tarar da ya biya ta kusa Yuro 250,000. Jar ƙofa kuwa, ko da a ce kin bi ta kuma ya zamana babu abin biya, asararki minti goma ce. Inda babu ƙofa biyu, akwai fom na takarda ko na waya, ko ma'aikaci a tsaye. Ki rubuta ko ki faɗa da bakinki kafin a tambaye ki. In kuma za ki canza jirgi a cikin ƙasarki ko a cikin yankin kwastan guda, ki lura: a Tarayyar Turai kayan hannu a filin jirgin farko da kika sauka ake bayyana su, ba a na ƙarshe ba, kuma zinare dama a jakar hannu ya kamata ya kasance.

Sai tsohon zinarenki, wanda ni a ganina shi ya fi cancantar ki damu da shi yanzu. Haƙƙinki ne ki shigo da shi kyauta, amma in aka yi shakka, ke ce za ki nuna cewa daga gida kika fita da shi. Hanyar da ta fi ita ce a yi masa rajista a ofishin kwastan kafin a fita. Amurka tana da fom na musamman don haka, CBP 4457, Indiya tana ba da takardar shaidar fitarwa, wasu ƙasashen ma suna da makamancinsu. Tun da kin riga kin fita, ki tattara abin da ke hannu. Ki sa wani a gida ya ɗauko hoton tsohon rasit ya turo miki. Ki binciko hotunanki na shekarun baya inda zoben ko sarƙar suka fito sarai, waɗanda kwanan watansu yake jikinsu. In kin taɓa kai su gyara ko aka kimanta su don inshora, wannan takardar ma shaida ce. Kuma kada ki ba mai kanti ya wanke miki su ya goge su kyauta kafin ki taso, kamar yadda suka saba yi wa mai ciniki. Tsufan nan da ke jikinsu shi ne mai ba da shaidarki. Ki sa su a wani ƙunshi daban, sababbin a nasu tare da rasit. Wadda ta cakuɗa su duka a jikinta, ta ce duk tsofaffi ne, aka kama ƙarya a guda ɗaya, ta jefa sauran cikin zargi, har ma a nemi ta biya haraji a kan abin da ta mallaka shekara ashirin.

Akwai abu biyu da ke fitar da mutum daga sahun matafiyi mai tsaraba gaba ɗaya. Ɗaya shi ne yawa da kamanni: zobba goma sha biyu iri ɗaya masu girma daban-daban ba adon mace ɗaya ba ne, haja ce, kuma haja tana da nata hanyar fito, babu yafiya a cikinta. Saƙon mutane ma nan yake faɗawa. Duk abin da ke jakarki ke za a tambaya, ba mai saƙon ba, don haka in ba rasit, in ba ki buɗe kin gani ba, kada ki karɓa. Na biyu shi ne zinaren da ba ado ba, wato sanduna da sulalla. Lambarsu daban ce, dokarsu daban. A Tarayyar Turai, tun daga Yunin 2021, sulallan da zinarensu ya kai kashi 90 cikin ɗari da sandunan da suka kai kashi 99.5 ana lissafa su tamkar tsabar kuɗi, sai an bayyana su idan jimillar ta kai Yuro 10,000. Wasu ƙasashen kuma har kayan ado suke sawa cikin irin wannan bayani, kuma a wajen fita ma, ba shiga kawai ba. Saboda haka ki duba dokar ƙasar da za ki baro, kada ki tsaya a ta gida.

Ranar sauka, ki tanadi kuɗin harajin bisa lissafin da kika yi da kanki, ki kuma san ko suna karɓar kati ko sai tsaba. Za a mai da kuɗin rasit ɗin zuwa kuɗin ƙasarki da canjin da hukumar kwastan take amfani da shi, wanda ba lallai ya zo daidai da na bankinki ba, don haka ki bar ɗan rara. Ki biya a inda ake biya, ki karɓi rasit na hukuma mai lamba, ki adana shi tare da na kanti, domin shi ne zai mai da sarƙar nan "tsohuwa" a tafiyarki ta gaba. In wani ya ce ki ba shi wani abu a hannu ya bar ki ki wuce, kin biya kenan ba ki da shaida, kuma sarƙar tana nan a matsayin wadda ba a yi wa fito ba. Idan kuɗin bai ishe ki ba, ko ba ki yarda da kimar da aka yi ba, ana iya ajiye kayan har ki dawo ko ki ɗaukaka ƙara. A nan kada ki yi gaggawa. A auna kowane abu a gabanki, a rubuta adadi da nauyi da karat a takardar riƙewa, a rufe ƙunshin a liƙa hatimi kina kallo, ki ɗauki hoto in sun yarda. Ki kuma tambayi kwana nawa ne wa'adin karɓa, da ko akwai kuɗin ajiya, ki sa a rubuta miki a jikin takardar.